Abin da ya sa na hana matse fayil a shagona

Shagona yana Samaru, kuma rabin aikinmu ajiyar bayanan 'yan kasuwa ne. Akwai wani Alhaji mai kemis a Sabon Gari da fayil ɗin lissafin kayansa ya kai gigabait 2. Kullum bayan isha'i muke tura kwafinsa zuwa wata na'ura da ke nesa, ko da gobara ko sata. Da a ce duk dare sai an tura shi ɗungurungum, da kuɗin data ya cinye ribar.

Dabarar ita ce a yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a fitar mata da 'yar lambar shaida daga abin da ke cikinta. Harafi ɗaya ya sauya, lambar ta sauya. Sai na'urorin biyu su gwada lambobi, wadda ta saɓa ita kaɗai za ta tafi. Dropbox, kamfanin ajiyar fayil a intanet, yana yanka megabait 4-4 ne, wato fayil irin na Alhaji gunduwa 512 ke nan. In cinikin yini ya taɓa tara, megabait 36 za a tura.

Sai dai yanka daidai-wa-daida yana da rauni. Ka cusa abu a farkon fayil, duk na bayansa ya gusa, kowace gunduwa ta zama baƙuwa. Shi ya sa nake son rsync, shirin kwafar fayil wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Shi yana bin sabon fayil ne bait bayan bait yana laluben tsofaffin gunduwoyi, duk inda suka gusa zai gane su. Ga umarnin da muke ba shi:

```
rsync -av --stats kaya.db ajiya:/kemis/
```

Layi biyu nake dubawa in ya gama. Matched data shi ne abin da aka tarar yana can tuni, Literal data kuma abin da ya bi waya da gaske.

Wani mako datarmu ta ƙare tun Laraba. Na duba, dare uku a jere Matched data kusan sifili. Na kira yaron da ke aikin dare, ya ce, “Maigida, gani na yi ya yi nauyi, sai na riƙa matse shi da ZIP ina sa masa kalmar sirri.” Da kyakkyawar niyya ya yi, ban yi masa faɗa ba. Amma matsi yana cakuɗa bayanai, ƙaramin gyara ya shafi abin da ke bayansa, kullewa da kalmar sirri kuwa kan sa fayil ya fito da sabuwar kama duk dare. Fayil ɗin ya ragu zuwa megabait 700, amma kullum dukansa ke tafiya.

Yanzu a buɗe muke tura shi ta SSH, wadda ke kulle hanyar, kuma sai Alhaji ya rufe manhajarsa tukuna, don kada a kwafi fayil ana tsakiyar rubutu a cikinsa.