Koren alamar da ta yi wata guda tana yi mini ƙarya

Ƙannena masu shirin ɗora wa inji aikin gwada kod da wallafa shafi, ku ji inda na yi tuntuɓe har sau biyu a GitHub Actions, tsarin da ke yin wannan aiki da kansa.

Na ajiye fayil ɗina a `.github/workflows/`, na tsara cewa duk sa'ad da aka haɗe reshe cikin `main` a yi aiki biyu. Na sa `test` mai gwada kod a sama, `deploy` mai wallafa shafi a ƙasa, a zatona bi da bi za su tafi. Ashe a GitHub Actions sama da ƙasa ba ya nufin komai, tare suke tashi, kowa da injinsa. Gwajina yana cin minti 3, wallafar kuwa ko minti 1 ba ta kaiwa. Ranar da gwaji ya faɗi, kafin jar alama ta fito tuni gurguwar manhaja ta hau shafi, mutane na ta danna maɓallin da ba ya motsi. Layi ɗaya ne maganin:

```yaml
deploy:
  needs: test
```

Wannan da sauƙi, don aƙalla ja ta fito ta tona asiri. Na biyun ne ya yi mini sakiyar da ba ruwa.

Ina son ajiye sakamakon gwaji a fayil, sai na rubuta `npm test | tee log.txt`. Inji ba ya karanta abin da gwaji ya rubuta, lambar fita kawai yake dubawa: 0 lafiya lau, wanin 0 kuwa an faɗi. To, idan ka haɗa umarni biyu da `|`, lambar na ƙarshe ake ɗauka, shi kuwa `tee` muddin ya rubuta fayil ɗinsa 0 zai bayar, ko da gwaji ya kife. Haka na yi wata guda ina ganin kore ina washe baki, har ina nuna wa abokan aiki. Sai da na buɗe `log.txt` neman wani abu dabam na tarar gwaji 4 sun daɗe da faɗuwa.

Ku sa `shell: bash` a matakin da ke ɗauke da wannan umarni, don shi ke kunna `pipefail`, wanda ke sa faɗuwar umarnin farko ta kayar da layin duka. In ba ku rubuta shi ba, a kashe yake.

Yanzu duk tsarin da na kafa, kafin in yarda da shi sai na lalata gwaji ɗaya da gangan, in ce 1 daidai yake da 2, in tura. Abu biyu nake jira: `test` ya yi ja, kuma a tsallake `deploy` ɗungurungum. Daga nan in mayar da gwajin yadda yake, in sake turawa, in buɗe shafin da idona in ga canjin ya hau.